Janareta Wane Iri Zai Ɗauki Firji da Firiza da Injin Markaɗe?

Tun 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji ake samun wutar lantarki daga Kogin Kwara, amma har yau ƙauyuka da yawa na bakin tafkin, a ƙasashen Yawuri da Ngaski da Shanga, da janareta suke dogara. Ƙungiyoyinmu na gama kai da ke shirin ajiye kifi a firiza, su sanyaya zoɓo a firji, su kuma markaɗa aya da tattasai da ƙaramin injin markaɗe na lantarki, wato bilenda, sukan tambaye mu girman janaretan da ya kamata su saya. Tambayar tana da nauyi, gama in kwamfiresa ta ƙone, kifin da ke ciki ma ya tafi.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, firji ba shi da ci da yawa in yana cikin tafiya. A wajen tashi yake da haɗama. Kamar amalanke ne cike da buhunan shinkafa: ɗaga shi daga tsaye ya fi jansa a hanya wahalar da shanu. Kwamfiresar firji ko firiza takan ja wuta ninki uku zuwa shida na cinta na kullum, na kamar daƙiƙa ɗaya. Mu dai da ninki biyar muke lissafi.

To, bari mu ɗauki misali. A bayan kowace na'ura akwai ɗan allo da aka rubuta cinta da harafin W, wato wat. A ce firjinku wat 150 ne, firiza 200, injin markaɗe 500. Duka ukun suna aiki, wat 850 ke nan. Yanzu sai a nemi wadda ta fi tsalle wajen tashi. Firiza ce: 200 sau biyar, 1,000, wato ƙarin 800 a kan cinta. A haɗa 850 da 800, ya zama 1,650. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda zafin bazara da tsufan inji, mun kai wajen wat 2,000.

A nan ne sai an buɗe ido a kasuwa. Lambar da aka zana da manyan baƙaƙe a jikin tanki sau da yawa iyakar ƙarfin injin ce, wadda ba ya iya riƙewa sai na ɗan lokaci. Ku nemi ƙaramar lambar da ke jikin allon, ita ce ta aikin yini. In kuwa da kVA aka rubuta, ku ninka da 800 don kada ku zarce: mai 2.5 kVA ya ba da wat 2,000. Shi ne mafi ƙanƙanta da za mu yarda da shi a wannan misali. Ƙungiyar da ke da hali ta sayi mai 3 kVA, domin firji da firiza da kansu suke kunna kansu, kuma wata rana za su tashi tare ana cikin markaɗe. A lokacin nan bukata takan kai wat 2,250.

Ɗan ƙaramin nan kuwa da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, a bar shi ga fitila da cajin waya. Mun san tsadar fetur tun da aka janye tallafi a 2023 tana sa mutum ya so ƙarami, amma ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. In janareta ya gaza, ƙarfin wutar yakan faɗi ƙasa da bolt 230 da ake bukata. Kwamfiresa ta kasa juyawa, ta tsaya tana gurnani tana jan wuta mai yawa, wayoyin cikinta suna zafi. Za ku ji "ƙas", ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sāke gwadawa. Fitila ta dushe, muryar janareta ta yi nauyi. In kun ji haka ku zare filogi nan take, kada ku jira ta gwada sau goma.

Yadda ake kunnawa ma yana taimako ƙwarai. A tayar da janareta ba kaya a kansa, a bar shi minti biyu ko uku. A sa firiza tukuna, in muryar inji ta daidaita a sa firji, markaɗe a ƙarshe. A jiƙa aya sosai, kada a cika kofin, gama abu mai tauri yana ƙara wa injin ci. In janareta ya mutu, a zare kome, a dakata minti biyar kafin a mai da firji da firiza, don iskar gas da ke cikin bututunsu ta kwanta. Wajen kashewa kuma a cire kayan kafin a kashe inji, kada a bari mai ya ƙare suna haɗe.

Waya doguwa siririya tana shanye ƙarfin wuta a hanya, don haka a nemi mai kauri. Janareta kuwa a waje zai zauna, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a cikin ɗaki.