Layi ɗaya a ƙarƙashin sunanka: me za ka rubuta a wajen?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau magana ce a kan ɗan layin nan da mutum yake sakawa a ƙarƙashin sunansa, a ƙarshen imel ko a shafin farko na abin da zai haska a majigi wajen taro. Kuma bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekaru kaɗan da suka wuce, ga abin da ke ƙarƙashin sunana a kowane imel. Da Turanci yake, amma ma'anarsa ke nan:

Kwamared | Jakadan Zaman Lafiya | Mai Fafutukar Matasa | Mai Rajin SDGs | Ɗan YALI | Marubuci | Shugaban Gobe

Muƙami bakwai, jama'a. Wallahi a lokacin gani nake na haɗu. Sai ranar da na rubuta wa wani ofishi ina neman tallafin littattafai ga yaran da muke koya wa karatu. Matar da ta karɓi saƙon ta amsa mini da tambaya ɗaya tak: wace ƙungiya nake wakilta, kuma mene ne aikina a cikinta? Kafin in ga amsar tata in mayar, ranar rufe karɓar takardu ta wuce. Na jera abu bakwai, amma babu ko ɗaya da ya gaya mata abin da take son sani.

To, daga nan na gane aikin layin nan. Wanda ya buɗe saƙonka bai san ka ba, kuma tambayar da ke ransa ita ce: wane ne wannan, me ya haɗa shi da maganar da yake yi mini? Layin shi ne amsar. Duk kalmar da ba ta taimaka wajen amsa wannan tambaya ba, cire ta.

Mu bi nawa ɗaya bayan ɗaya. "Shugaban Gobe" shi ya fara tafiya, don fata ne, ba aiki ba. "Jakadan Zaman Lafiya" kuwa takardar yabo ce aka ba mu a wani taron wuni ɗaya, kowa ya samu, har wanda ya zo bayan an ci abinci. "Kwamared" a cikinmu 'yan gwagwarmaya yana da daɗin ji, amma ma'aikaciyar ofis ba abin da zai ƙara mata.

Biyun da suka fi ba ni wahala su ne SDGs da YALI, don su ina ganin suna da nauyi. Amma ku duba: muradun nan na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a 2015 guda 17 ne, tun daga yaƙi da talauci har zuwa kare halittun cikin teku. In ka ce kana rajinsu duka, ba ka ce komai ba. Ni aikina a kan na 4 yake, wato ilimi, to me zai hana in ce karatun yara kawai? Shi kuma YALI, ni rajista na yi a intanet na ɗauki darussa na samu satifiket. Wannan daban yake da Mandela Washington Fellowship, wanda aka fara a 2014, inda aka riƙa tace mutane ana zaɓar kaɗan su je Amurka horo. In ka rubuta abin a dunƙule yadda mai karatu zai zaci na biyun ne, ranar da ka haɗu da wanda ya san bambancin, sauran maganarka ma sai ya sa mata alamar tambaya. Wannan shi ne haɗarin, ba tsawon layin kaɗai ba.

Bayan na share, sai na tambayi kaina abu uku: me nake yi da hannuna, wa nake yi wa, a ina? Ga abin da ya fito:

Mai tsara ajin karatun yaran firamare a Ungogo, Kano

Kalma 9 ke nan. Babu ƙyale-ƙyale, amma wanda ya karanta zai iya tambayata yara nawa ne, wace rana ake ajin, kuma ina da amsa. Haka nake gwada kowane layi yanzu: in aka ce "nuna mini", akwai abin nunawa? In babu, kalmar ba ta cancanci wajen ba.

Wani zai ce, ni fa ɗalibi ne, ko na gama bautar ƙasa ina zaune, ba ni da muƙami. Ba muƙami ake nema ba. "Ɗalibar aji uku a fannin kimiyyar magunguna" cikakken layi ne, ki ƙara sunan jami'arki shi ke nan. "Ina gyaran na'urorin sola a Zariya" shi ma haka. Kuma ɗalibin lauya ya rubuta ɗalibi, kada ya rubuta Barista tun ba a kira shi ba.

Sai dai layin imel da na majigi ba lallai su zama ɗaya ba. Na imel yana bin saƙonka ko'ina, har in an tura wa wani da ba kai ka rubuta masa ba, saboda haka ya zama tsayayye: aikinka, sunan ƙungiya ko wajen aiki, gari. Lambar waya ta sauka layi na gaba. Na majigi kuwa na mutanen ɗakin nan ne kawai, a ranar nan. Da na yi magana gaban malaman makaranta, abin da na sa shi ne "Ina koya wa yaran firamare karatu duk Asabar tun 2021", domin malami so yake ya san ko na taɓa riƙe alli. Gaban masu ba da tallafi kuma sunan ƙungiya da matsayina a cikinta na sa gaba, don su wanda zai sa hannu a takarda suke nema. Duka biyun gaskiya ne, zaɓi kawai na yi. Kuma ku tuna, sau da yawa mai gabatarwa daga allon zai karanto ku. Ka karanta layin da ƙarfi. In sai ka ja numfashi a tsakiya, ya yi tsawo. In kuma sai ka ƙanƙance rubutun kafin ya shiga layi ɗaya, na kujerar baya ba zai gani ba, kalmomi za ka rage.

Ga masu Gmail a kwamfuta: ka shiga Settings, ka danna See all settings, a ƙarƙashin General ka gangara zuwa Signature, sai Create new. Za ka iya ajiye fiye da ɗaya, misali na Hausa da na Turanci, har ka zaɓi wanda zai riƙa fita a sabon saƙo da wanda zai fita in kana mayar da amsa. In ka gama, ka gangara can ƙasa ka danna Save Changes, nan ne mutane da yawa suke mantawa. Manhajar waya kuma tana da nata wajen sa-hannun daban a cikin Settings. Ni sai da na yi wata biyu da gyara na kwamfuta kafin na lura duk saƙon da na tura ta waya har yanzu "Shugaban Gobe" ne a ƙasansa. Saboda haka in kun gyara, ku tura wa kanku imel ɗaya daga kwamfuta, ɗaya daga waya, ku buɗe ku gani da idonku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.