"Ba Ya Aiki": Roƙon Da Ke Ɗaure Hannun Mai Gyaran Manhaja

Duk wanda aka san shi da iya rubuta manhajar kwamfuta, ko a makaranta ko a wajen aiki, ya san wani irin saƙo da ke shigo masa a waya, galibi da daddare: "Salamu alaikum Yaya, don Allah abin nan da nake rubutawa ya ƙi yi, ka taimaka ka gyara min." Shi ke nan. Babu kod ɗin da aka rubuta, babu abin da kwamfutar ta faɗa lokacin da ta ƙi, ba a ma ambaci yaren da aka yi rubutun da shi ba. Mai tambaya yana ganin ya yi bayani, domin ya kwana yana kallon matsalar har ta cika masa ido. Wanda aka tambaya kuwa bai ga komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan sana'a babu yadda na waje zai yi ya hango ɗigon daga nesa, komai ƙwarewarsa.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne kullum. Ko dai a yi ta jifan juna da tambayoyi har dare ya raba, ko kuma mai taimakon ya yi shaci-faɗi, ya ce a gwada kaza, a gwada, abin ya ƙara dagulewa. Wani lokaci ma shiru ake yi, mai tambaya ya ɗauka girman kai ne ko rowar ilimi. Simon Tatham, wanda ya rubuta manhajar PuTTY, ya yi wata maƙala tun 1999 kan yadda ake kai rahoton matsalar manhaja, kuma ginshiƙin maganarsa shi ne mai gyara yana bukatar ya ga matsalar ta faru a gabansa da idonsa. Don a ga dalilin haka, ya fi kyau mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe.

A ce wata ɗaliba mai koyon Python ta rubuta ɗan shiri da zai tara makin gwaji da na jarrabawa, ya faɗa ko ɗalibi ya ci, inda makin ci yake 40. Ga abin da ta rubuta:

```python
gwaji = input("Makin gwaji: ")
jarrabawa = input("Makin jarrabawa: ")
jimilla = gwaji + jarrabawa
if jimilla >= 40:
    print("Ya ci")
```

Ta saka 25 a gwaji, 50 a jarrabawa, tana jiran ganin "Ya ci", tunda jimillar 75 ce. Maimakon haka sai shirin ya tsaya, allo ya nuna mata wannan:

```
  File "maki.py", line 4, in <module>
    if jimilla >= 40:
TypeError: '>=' not supported between instances of 'str' and 'int'
```

Sabon shiga idan ya ga irin wannan rubutu gabansa kan faɗi, ya yi sauri ya rufe. Alhali kuwa a nan kwamfutar ta faɗi kusan duk abin da ta sani. Ta faɗi sunan fayil, ta faɗi layin da ta tsaya, wato na huɗu, ta kuma faɗi dalili: an ce ta gwada girman abu biyu da ba jinsi ɗaya ba, ɗaya rubutu ne, shi ne `str`, ɗayan lamba ce, ita ce `int`. Ƙwararre na ganin wannan layi na ƙarshe ya riga ya san irin ciwon. Idan kuwa ɗalibar ta taƙaita masa da bakinta ta ce "yana nuna kuskure wajen lissafi", ta zubar da ainihin kalmomin da zai yi aiki da su, har ma ta karkatar da shi ya tafi duba lissafin da ba shi da laifi. Shi ya sa ake kwafo saƙon yadda yake, harafi da harafi, daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

To amma saƙon kaɗai bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ba su lura. Layi na huɗu da kwamfutar ta nuna lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar ta faru ne tun a layi na ɗaya da na biyu. A Python 3, duk abin da `input()` ya karɓa daga hannun mutum rubutu yake mayar da shi, ko da lamba aka danna. Saboda haka 25 da 50 ba lambobi ba ne a wajen shirin, haruffa ne kawai. Alamar `+` kuma idan ta sami rubutu biyu ba ta tara su, jera su take yi, sai `jimilla` ta zama `"2550"`. Layi na uku ya wuce lami lafiya ba tare da ƙorafi ba, sai da aka zo gwada wannan rubutu da lamba 40 sannan abin ya fashe. Inda shiri ya faɗi daban, inda ya yi tuntuɓe daban, kuma a manyan manhajoji tazarar kan kai ɗaruruwan layuka ko ma wani fayil can dabam. Wanda aka turo wa layi na huɗu kaɗai zai iya zargin cewa `jimilla` rubutu ce, amma ba zai iya faɗin inda ta samo wannan hali ba sai ya ga layukan da suka haife ta.

Sai batun yare, wanda shi aka fi mantawa da shi, domin mai koyo yakan ɗauka yaren da aka fara koya masa shi ne kowa ke amfani da shi. Da ɗalibar nan da JavaScript ta rubuta wannan shiri, ta karɓi makin da `prompt()`, da ba ta ga saƙon kuskure ko ɗaya ba. JavaScript ma zai jera 25 da 50 su zama `"2550"`, amma idan aka zo gwadawa da 40 sai ya mayar da rubutun lamba a ɓoye, ya ga 2550 ta fi 40, ya ce ɗalibi ya ci. A wannan karon amsar ta yi daidai bisa katari. Amma yaron da ya sami 10 da 15, wanda jimillarsa 25 ce, shi ma za a ce ya ci, don an karanta makinsa 1015. Wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, tunda babu abin da ya yi ƙara. A irin wannan hali babu saƙon da za a turo, sai dai mai tambaya ya faɗi abu uku a sarari: abin da ya saka, abin da yake sa ran gani, da abin da ya gani.

Ko a cikin yare guda ma akwai bambancin zubi. A tsohon Python 2, `input()` yana ɗaukar abin da aka danna ya lissafa shi, don haka waɗannan layuka biyar ɗin za su ba da 75 su ce "Ya ci" ba tare da wata matsala ba. Python 3 ya fito a 2008, an kuma daina kula da Python 2 a farkon 2020, amma tsofaffin littattafai da darussa na nan suna yawo a hannun ɗalibai. Mutum zai kwafi misali daga littafi daidai wa daida ya ƙi yi masa, ya rantse bai canza komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Umarni ɗaya ke warware wannan:

```
python --version
```

Rubutu kusan iri ɗaya ke nan, amma a wuri ɗaya ya faɗi da ƙara, a wani ya ba da amsar ƙarya shiru, a na uku ya yi daidai. "Ba ya aiki" bai gaya wa kowa wanne daga ciki ake fama da shi ba.

Akwai dalilan da ke sa mutane ɓoye kod ɗinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Wani kunya yake ji kada a ga rubutunsa a hargitse. Wannan ba abin damuwa ba ne, masu gyara sun ga wanda ya fi nasa muni, yawancinsu ma sun rubuta irinsa. Wani tsoro yake kada a sace masa dabara. Wani kuma aikin ofis ne, ba shi da izinin fitar da shi, ko akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da kalmomin sirri a ciki. Wannan na ƙarshe yana da hujja mai ƙarfi, kuma a ganina bai kamata kowa ya tura kalmar sirri ko bayanan jama'a ga wani ba don neman gyara, ko da amininsa ne. Sai dai mafitar ba ita ce a ɓoye komai ba. Ana kwafe shirin zuwa sabon fayil, a yi ta cire duk sashen da ba ruwansa da matsalar, ana gwadawa bayan kowace cirewa don a tabbata har yanzu tana nan, a sauya sunayen gaske da na ƙirƙira, har a rage 'yan layukan da kowa zai iya kunnawa a kwamfutarsa ya ga abin da aka gani. Sau da yawa kafin a gama wannan tankaɗe mai tambaya ya gano amsarsa da kansa, domin layin da aka cire matsalar ta ɓace, a nan take ko kusa da nan.

A turo shi kuma a rubuce. Hoton allo da aka ɗauka da waya ba ya kwafuwa, yakan yanke ƙarshen layi, ga shi harafin `l` da lamba `1` sukan yi kama. A Python ma yawan filin da aka bari a farkon layi yana cikin ma'anar shirin, kuma da wuya a tantance shi a hoto mai ƙyalli.

Da ɗalibarmu ta rubuta cewa, "Yaya, Python 3 nake amfani da shi. Ga layuka biyar ɗin, ga saƙon da ya fito. Na saka 25 da 50, ina sa ran ya ce ya ci, sai ya tsaya a layi na huɗu," da amsar ba ta wuce minti ɗaya ba: a mayar da abin da aka karɓa lamba tun daga bakin ƙofa.

```python
gwaji = int(input("Makin gwaji: "))
jarrabawa = int(input("Makin jarrabawa: "))
```

Wannan gyara ma yana da iyakarsa. Ranar da malami ya ba wani 12.5 a gwaji, `int()` zai ƙi karɓa, shirin ya sake tsayawa da `ValueError`, domin cikakkiyar lamba kaɗai yake iya karantawa daga rubutu. Idan makarantar na ba da rabin maki, `float()` ya kamata a saka tun farko. Mai gyara ba zai san da wannan ba sai an faɗa masa irin makin da ake shigarwa, don haka yana da kyau a haɗa masa da misalan maki biyu ko uku irin waɗanda malamai ke bayarwa, har da mai rabin.