Wuta Ta Kama Man Suya? Nemi Murfi, Kada Ki Nemi Ruwa

Tun muna yara aka nuna mana cewa maganin wuta ruwa ne, kuma gaskiya ne idan itace ko zana ko katifa ke ci. Amma idan man da ke cikin kasko ne ya kama, ruwa shi ne mafi munin abin da hannu zai iya ɗauka. Wutar da ba ta wuce bakin kasko ba, kofi ɗaya na ruwa ya isa ya kai ta rufin ɗaki cikin daƙiƙa guda, kuma wanda ya watsa ruwan shi za ta fara samu a fuska.

Dalilin yana cikin bambancin zafi. Ruwa na tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos. Suyar ƙosai ko dankali ko nama kuwa ana yin ta ne a wajen digiri 170 zuwa 190, man da ya kai ga kamawa da kansa kuma ya haura digiri 300. Ga shi ruwa ya fi mai nauyi, ba sa kuma haɗuwa. Don haka idan aka zuba shi ba ya tsayawa a sama ya rufe wutar, sai ya nutse ƙasan kasko, inda zafi ya ninka abin da zai tafasa shi. Nan take ya koma tururi, shi kuwa tururi yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi. Kofi ɗaya mai cin rubu'in lita zai ba da tururin da ya haura lita 400, wato cikin duro biyu na ruwa, duk yana neman hanyar fita daga ƙarƙashin man da ke ci. Sai ya cilla man sama, ya tarwatsa shi ya zama ƙananan ɗigo. Da can saman man ne kawai ke haɗuwa da iska, yanzu kowane ɗigo iska ta kewaye shi, duk su kama lokaci ɗaya. Wannan ne dunƙulen wutar da ke tashi ya lashi silin da labule. Duk wadda ta taɓa jefa danyen kifi mai ruwa a cikin mai ta ji yana tartsatsi ta ga ƙaramin samfurinsa.

Mu ɗauki ranar suyar naman layya. Uwargida ta ɗora kasko a kan gas, ta kwashe zubin farko, sai aka yi sallama ta fita tarbar baƙi, wuta na ci a ƙarƙashin man da babu komai a cikinsa. Nan haɗarin yake, domin nama ne ke shanye zafin, idan babu shi sai man ya yi ta hawa. Da farko zai tsinke ya riƙa ƙyalli, sannan hayaƙi siriri mai shuɗi-shuɗi ya fara tashi da ƙauri mai yaji a ido. Man da aka sha suya da shi har ya yi duhu ya fi saurin kaiwa nan. Idan ta dawo a wannan gaɓa, ta kashe wuta ta bar shi ya huce, kada ta ce bari ta zuba nama ya sauke zafin. Idan kuwa ta tarar harshen wuta na rawa a saman man, abu na farko shi ne kashe gas, in hannunta zai kai ba tare da ta ratsa ta saman wutar ba. A ƙaramar tukunyar gas wadda kaskon ke zaune a kanta, makunnin yana ƙarƙashin kaskon ne, sai ta sunkuya ta gefe, ta tattare mayafi ko hijabi tukuna.

Sai murfi. Na ƙarfe, ko babban faranti ko tire na ƙarfe da zai rufe bakin kaskon ruf. Ba na gilashi ba, don zai iya fashewa, ba kuma na roba ba. Ta riƙe shi gabanta kamar garkuwa, ta ɗora gefensa a bakin kaskon da ke kusa da ita, ta tura shi a hankali har ya rufe. Kada ta jefa shi daga nesa, don zai iya kifar da kaskon. Da zarar iska ta yanke, wutar za ta mutu.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin da suka gama. Wutar ta mutu, amma man yana nan da zafin da ya sa shi kamawa, kuma da an ɗaga murfi don a leƙa, iska ta shiga, sai ya sake tashi. A bar shi rufe aƙalla minti 30. Kada kuma a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi tsakar gida. Hannu na rawa, mariƙi ya yi zafi, iskar tafiya na turo harshen wuta zuwa ƙirjin mai ɗauka, ga yara a hanya. A ganina wannan kuskuren bai fi watsa ruwa sauƙi ba.

Mai ƙosai ko awara da ke suya a murhun itace ba ta da makunnin da za ta murɗa, kuma kaskonta sau da yawa ba shi da murfi. Ita sai ta tanadi tire ko fallen kwano da ya fi bakin kaskon faɗi, ya zauna kusa da ita kullum. Idan mai ya kama, ta fara rufewa, sannan ta janye itacen ɗaya bayan ɗaya. Man da ya zube ƙasa yana ci a rufe shi da busasshen yashi. Gishiri mai yawa yana kashe 'yar ƙaramar wuta a kaskon ƙwai, amma ba zai iya da lita biyar na mai ba. Fulawa da garin masara da sukari kuwa a nisanta su, domin su ma ci suke yi, garin da ya tashi a iska ma yana iya kamawa fuu. Tsumma mai jiƙe da ake yawan ambata yana da nasa haɗarin: in ba a matse shi sosai ba, ɗigon da zai sauka cikin man ruwa ne dai. Bargon kashe wuta da ake sayarwa ya fi shi nesa ba kusa ba.

Masu gidan abinci su duba jar tukunyar kashe gobarar da ke rataye a kicin. Wadda aka yi don man girki tana ɗauke da harafin F, a tsarin Amurka kuma K. Ruwan maganin da ke cikinta yana haɗuwa da man ya zama kumfa irin ta sabulu, ya rufe shi ya kuma sanyaya shi. Mai hoda da mai iska, in an matsa kusa, ƙarfin feshinsu na iya fantsama man waje.

Idan wuta ta riga ta bar kasko ta kama silin ko kabad, aikin ya fi ƙarfin murfi. A fitar da kowa, a ja ƙofar kicin don a rage mata iska, a kira 'yan kwana-kwana: 112 a Najeriya, 18 a Nijar. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri.

Wurin ƙuna ne ruwa ke da aiki. A sa inda ya ƙone ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja, kada a fasa bororo, kada a fizge tufar da ta manne da fata. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura, da kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, a rufe ta da tsabtataccen ƙyalle marar gashi a wuce asibiti.