Yadda Python ke rairaye kalmomi, da inda haruffan Hausa ke ba shi wahala

Wasan Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021 kuma jaridar New York Times ta saya a farkon 2022, yana ba mutum damar gwaji shida ya gano wata ɓoyayyiyar kalma mai haruffa biyar. Gwanayen wasan ba sa farawa da kalmar da ta maimaita harafi, domin harafin da ya zo sau biyu asarar gurbi ɗaya ne. To, a ce wani malami na son shirya wa ɗalibansa irin wannan wasa da Hausa, ga shi kuma da dubban kalmomi a fayil, kowace a layinta. Tsince masu haruffa biyar da ba su da maimaici da hannu aikin kwanaki ne. Layi shida na Python sun isa:

```python
tsawo = 5
with open("kalmomi.txt", encoding="utf-8") as f:
    for layi in f:
        k = layi.strip().lower()
        if len(k) == tsawo and len(set(k)) == len(k):
            print(k)
```

Rariya biyu ce a nan, duka a layi na biyar. Ta farko, `len(k)`, tana ƙirga haruffan kalma ta ga ko sun kai biyar daidai. Ta biyu ita ce mai dabara. A Python, `set` ba ya riƙe abu ɗaya sau biyu. In aka zuba masa haruffan "hanya", zai ajiye h, a, n, y kawai, ya watsar da a ta biyu. Huɗu ke nan, alhali kalmar biyar ce, don haka an kama maimaici. In kuwa lissafin biyu ya zo daidai, ba harafin da ya dawo.

Mu gwada da kalmomi shida: gida, hanya, ƙarfe, mutum, burodi, gwani. Gida ta gaza, burodi ta zarce, tun a matakin farko suka faɗi. Hanya da mutum sun cika biyar amma maimaici ya kayar da su. Mutum ma haruffa uku kacal ta rage da su. Saura ƙarfe da gwani.

Sai dai layi na huɗu, wanda mai gaggawa kan raina, shi ne ke riƙe da aikin. Kowane layi a fayil yana ƙarewa da wata alamar sauka layi da ido ba ya gani, amma na'ura na ƙirga ta. In babu `strip()`, gida za ta zama mai biyar ta wuce, ƙarfe ta zama mai shida a yar da ita. Ba wani gargaɗi da zai fito. Alamar kawai ita ce ka ga sakamako cike da kalmomi masu haruffa huɗu, da fili tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Shi kuma `lower()` yana mayar da manyan haruffa ƙanana. Ba don shi ba, Abuja za ta tsallake, domin a wurin na'ura babban A daban, ƙaramin a daban.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ma da nasu rigimar. Idan aka cire `encoding="utf-8"`, kwamfutoci da yawa masu Windows za su karanta fayil ɗin da wani tsohon tsari, sai ƙ ta rabe gida biyu: ƙarfe ta koma `Æ™arfe`, mai alamomi shida. Duk wanda ya duba sakamakonsa bai ga ko kalma ɗaya mai ɓ, ɗ ko ƙ ba, ya fara bincike daga nan.

Akwai kuma abin da gyaran shirin kaɗai ba zai warware ba, sai mai aikin ya yanke shawara. Python alamomi yake ƙirgawa, bai san abacadar Hausa ba. A aji ana koyar da sh da ts a matsayin harafi guda-guda, wato shida haruffa huɗu gare ta, amma shirin zai ce biyar ne ya bar ta ta wuce. Haka 'yanci: a rubutun Nijeriya alamomi shida ne saboda ɗan waƙafin nan na sama, a rubutun Nijar kuwa ƴanci ne, biyar cif. Wannan na ƙarshe sauƙin gyara gare shi, a ƙara layi ɗaya kafin gwajin:

```python
k = k.replace("'y", "ƴ").replace("’y", "ƴ")
```

An yi musanyar sau biyu ne saboda wayoyi da manhajojin rubutu kan sauya miƙaƙƙen waƙafi da mai lanƙwasa.

Game da sh da ts, a ganina in wasan a allon waya za a buga shi, gara a bar su haruffa bibbiyu, tun da haka mai wasa zai danna su. In kuwa don koyar da yara ƙa'idar rubutu ne, lallai a musanya kowanne da alama guda kafin ƙirga. Ko ma wanne ka zaɓa, kada ka saki shirin kan babban fayil sai ka gwada shi da kalmomi goma da ka riga ka san amsarsu, kuma ka tabbata gida, Abuja, ƙarfe da shida na cikinsu.