Kayan Gashi Sun Makara, Wasu Sun Lalace: Me Za A Rubuta Wa Dila?

A ce wata Hajiya mai shagon kitso a Kano ta yi odar katan 10 na man gashi da shamfu daga wani dila a Legas, kowane katan kwalba 12. An yi alkawarin kayan za su iso saura mako biyu Sallah, amma sai bayan Sallah da kwana uku suka sauka, katan biyu kuma sun jiƙe sharkaf da mai. Kiran waya cikin fushi ba ya barin shaida. Takarda ce ke dawo da kuɗi, muddin an rubuta ta da lissafi.

Aikin yana farawa tun a tasha. Kafin ta sa hannu a takardar karɓar kaya, sai ta rubuta a jikinta cewa katan biyu sun iso a jiƙe, ta ɗauki hotonsu tun ba a yage salatif ba. Idan ta sa hannu ba ta ce komai ba, dila zai iya cewa a shagonta ɓarnar ta auku.

Daga nan sai ta duba inda laifin yake. Katan da ya lotse ko ya huje, galibi a mota aka danne shi da kaya masu nauyi. Idan kuwa katan lafiyarsa ƙalau amma murafe sun kwance, ko ba a sa kwali tsakanin kwalabe ba, to matsalar daga wurin shirya kayan take. Ta kuma tuna wanda ya zaɓi motar, domin in dila ne ya zaɓa, shi ya kamata ya bi direba.

Wasiƙar kanta gajera ce:

"Alhaji, bayan gaisuwa. Kayan da na biya kuɗinsu, masu lambar rasit da ke sama, sun iso kwana 17 bayan ranar da muka yi da kai, har kasuwar Sallah ta wuce ni. Cikin kwalba 120, guda 9 sun fashe, 6 sun tsiyaye saboda murfi. Ga hotuna da takardar mota. Ina neman a musanya mini kwalba 15 ɗin nan, ko a mayar mini da kuɗinsu cikin kwana 7. Saboda jinkirin kuma, ina neman a ɗauke mini kuɗin mota."

Kowace ɓarna da buƙatarta, kuma an sa wa'adi. Babu zagi, babu ƙari a kan adadi, domin kwalba ɗaya da aka ƙara ta ƙarya kan zubar da ƙimar sauran zancen.

Wasiƙar ta tafi a ranar ko washegari, ko da ta WhatsApp ne. Kwalaben da suka lalace kuma kada a zubar, kada a juye ragowar man a wata roba a sayar. A ajiye su har a daidaita, don dila yana iya cewa a mayar masa da kayansa kafin ya biya.