Daga Shafi Ashirin Zuwa Minti Goma

An karɓi takardarka a taron ƙara wa juna sani, an ce za ka yi magana ta minti goma. To, kafin ka buɗe PowerPoint, yi ɗan lissafi. Mai magana a natse da Turanci yakan faɗi kalma 120 zuwa 150 a minti ɗaya, wato kamar kalma 1,300 a minti goma. Takarda mai shafi ashirin kuwa tana iya kai kalma 6,000. Ka ga ke nan kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da ka rubuta ba zai shiga ba, duk saurin bakinka. Aikin da ke gabanka zaɓe ne, ba taƙaita kowane babi ba.

Mu ɗauki misali. A ce furojet ɗinka na babbar difloma a kan akwatin busar da tumatir mai amfani da hasken rana ne, ka gwada shi da shanya a tabarma. Fara daga ƙarshe: wace jimla ɗaya kake so mutum ya fita da ita daga zauren? A ce ita ce, "Akwatin ya busar da tumatir cikin kwana uku, shanya kuwa sai da ta yi shida." Rubuta ta a takarda. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, a ajiye shi. Babin bitar ayyukan magabata, wanda ka kwana kana wahala a kansa, shi ne farkon wanda zai sha wuƙa. Jimla biyu sun ishe shi. Da zafi kam, amma ba wanda ya zo jin sunayen marubuta talatin.

Sai ka tsara silayid takwas ko tara, kusan ɗaya a minti, ka kuma yi shirin minti tara, domin majigi da makirfo sukan ci nasu rabon. Na farko take ne da sunanka, daƙiƙa ashirin. Na biyu matsala: tumatir na ruɓewa lokacin da ya yi yawa a kasuwa. Na uku tambayar da ka yi. Na huɗu hoton akwatin da yadda ka auna, wato yawan tumatir, kaurin yanka, da sau nawa kake ɗora shi a sikeli. Wannan duka kada ya wuce minti huɗu.

Sakamako shi ne naman miyar, a ba shi silayid uku da minti uku da rabi. A nan ne ƙa'idar magana ɗaya a silayid ɗaya take aiki sosai. A takarda wataƙila jadawali guda ya haɗa nauyi da zafi da launi. A majigi raba su za ka yi. Ɗaya ya nuna raguwar nauyi kwana bayan kwana, layi biyu kawai, na akwati da na tabarma. Na gaba ya nuna zafin cikin akwati da na waje, tunda shi ne dalilin saurin. Na uku hoton busasshen tumatir biyu gefe da gefe. Dalilin rabawar mai sauƙi ne: mai karatu yana iya komawa baya, mai sauraro ba ya iyawa. In ka cika masa allo da rubutu, zai kama karatu ya daina jin ka.

Kan kowane silayid kuma ya zama cikakkiyar jimla. Kada ka rubuta "Sakamako" kawai, wannan bai gaya wa kowa komai ba. Rubuta, "Cikin akwati ya fi waje zafi da tsakar rana," sai zanen da ke tabbatar da haka a ƙasa. Michael Alley na Jami'ar Penn State ya daɗe yana koyar da wannan tsari: da'awa a sama, hujja a ƙasa. Yana kuma tona asirin cunkoso. In jimlar ta ƙi rubutuwa sai da "kuma" a tsakiya, silayid biyu ne suka fake a ɗaya. In ka rasa jimlar da za ka rubuta gaba ɗaya, goge shi.

Saura biyu. Ɗaya na iyakar aikin: a ce da rani kaɗai ka gwada, ba ka san halin akwatin da damina ba. Faɗa da bakinka kafin wani malami ya ɗaga hannu. Na ƙarshe jimlar nan da ka fara rubutawa. Bar ta a allo lokacin tambayoyi, ta fi "Na gode" amfani. Jadawalin da ka cire, ajiye shi bayan silayid na ƙarshe, ko da za a tambaya.

Daga nan karanta kawunan silayid ɗin kaɗai ga abokin ɗakinka wanda ba sashenku ɗaya ba. In ya iya maimaita maka abin da ka gano, tsarin ya tsaya. Sai ka miƙe tsaye, ka kunna agogon waya, ka yi maganar da murya, ba a zuci ba. In ka kai minti goma sha biyu, kada ka ƙara sauri. Cire silayid biyu, ka fara duba ɓangaren gabatarwa.