Kwale-kwale, Igiyar Ruwa da Dabarar Raba y da x

Mai fito ya taso daga gaɓar kogi yana so ya tsallaka zuwa mashigin da ke daura da shi a ɗaya gaɓar. Duk tuƙin da yake yi, hancin kwale-kwalensa na kallon mashigin nan, amma igiyar ruwa na jan sa gefe. Wace hanya jirgin zai bi? Zai ma isa kuwa? Wannan tambaya ta daɗe a littattafan kalkulas, kuma tana cikin wani rukuni na ikweshan da dabara ɗaya tak take warware su.

Irin wannan ikweshan ba ya faɗa maka inda jirgi yake. Abin da yake faɗa shi ne inda jirgin ya dosa a kowane wuri, wato karkatar hanyarsa, wadda ake rubutawa dy/dx. Aikin mai lissafi shi ne ya tashi daga karkata ya gano hanyar gaba ɗaya. Aikin yana da sauƙi idan ana iya kora duk abin da ya shafi x gefe guda, na y kuma ɗaya gefen. Matsalar ita ce sau da yawa x da y sun cakuɗe, ba sa rabuwa.

Rukunin da muke magana a kai yana da alama. Ka cire x ka sa 2x, ka cire y ka sa 2y. Idan karkatar ba ta canza ba, kuma haka abin yake da kowace lamba ba 2 kaɗai ba, to ka samu. Ɗauki (x² + y²)/(xy): sama ya ninka sau huɗu, ƙasa ma sau huɗu, sai su cinye juna, domin kowane gungu a ciki digirinsa biyu ne. Amma (x² + y)/x ya faɗi gwajin, tunda x² digiri biyu ne, y kuwa ɗaya. Ma'anar cin gwajin ita ce karkatar ba ruwanta da girman x ko na y. Abin da ta sani kawai shi ne y/x. Kamar hoto ne da aka ƙara wa girma: komai ya faɗaɗa, amma kusurwoyi na nan yadda suke.

Tunda y/x ne ke riƙe da akalar, sai a raɗa masa suna. A ce v = y/x, wato y = vx. Da yake v da x duka suna canzawa, dokar karkatar abu biyu da aka ninka tana ba da:

dy/dx = v + x·dv/dx

Ana jingina wannan dabara ga Gottfried Wilhelm Leibniz, Bajamushen da ya ƙirƙiro alamar dy/dx ɗin kanta, wanda ya gano ta a 1691, shekarar da ya fito da hanyar raba x da y gefe-gefe.

Mu koma kogi. A ce faɗinsa mita 100 ne. Mashigin da aka nufa shi ne mafarin awo. X shi ne ratar da ta rage a tsallaka, y kuma nisan da ruwa ya kwashi jirgi gefe. Harafin k zai tsaya a madadin gudun ruwa an raba da gudun jirgi. Idan aka haɗa tuƙi da jan ruwa, karkatar hanyar tana fitowa haka:

dy/dx = y/x − k·√(1 + (y/x)²)

Babu x ko y da ya tsaya shi kaɗai a nan, kuma dalilin a fili yake. Inda mai fito zai juya hancin jirgi ya dogara ne da kusurwar da yake hango mashigin, ko yana nesa ko yana kusa. Da an sa v, sai v na hagu da na dama su kashe juna, a bar:

x·dv/dx = −k·√(1 + v²)

Cakuɗar ta warware. A kai v hagu, x dama: dv/√(1 + v²) = −k·dx/x. Intigireshan na hagu yana ba da ln(v + √(1 + v²)), na dama kuma −k·ln x, a ƙara C. A wurin tashi x = 100 ne kuma v = 0, wannan ne ke tsayar da C. Bayan an mayar da y/x gurbin v an gyara, hanyar jirgin ita ce:

y = 50·[(x/100)^(1−k) − (x/100)^(1+k)]

A nan ne, a ganina, daɗin lissafin yake, domin amsar tana faɗin abin da ido ba zai hango ba. A ce jirgi ya ninka ruwa gudu, wato k = 1/2. A tsakiyar kogi ruwa ya kwashe shi kusan mita 17.7. Ba a nan kaucewar ta fi yawa ba. Sai da saura kashi ɗaya cikin uku na faɗin kogin take kai ƙololuwa, kimanin mita 19.2. Daga nan jirgin ya lanƙwaso, ya haura ruwa, ya sauka daidai mashigin.

Idan kuwa gudun ruwa da na jirgi ɗaya ne, k = 1, amsar ta koma y = 50·[1 − (x/100)²]. Yayin da x ke raguwa zuwa sifili, y na dosar 50. Jirgin zai yi ta kusantar ɗaya gaɓar mita 50 ƙasa da mashigin, rabin faɗin kogin cif, hancinsa na kallon ruwa yana tuƙi ba ya ci gaba. Idan ruwa ya fi jirgi gudu, lambar 1 − k ta faɗi ƙasa da sifili, y ya yi ta girma babu iyaka. Ba mamaki gwanayen fito ba sa saita hanci kan mashigi. Sama da shi suke dosa tun daga farko. (Lissafin ya ɗauka gudun ruwa ɗaya ne ko'ina, alhali kogin gaske ya fi gudu a tsakiya.)

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai shi ne rubuta dy/dx = x·dv/dx, a manta da v na gaba, ko ma a rubuta dv/dx kawai. A misalinmu za a gane shi nan take: v na dama ba zai sami wanda zai kashe shi ba, intigireshan ɗin ya zama ƙadangaren bakin tulu. Wasu kuma sukan tsaya da amsa cikin v, alhali y da x aka tambaye su.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Wajen raba gefe-gefe ana yin rabawa da wani gungu mai ɗauke da v, kuma idan gungun zai iya zama sifili, wata amsa na iya zurarewa. A kogi ba mu yi asara ba, domin √(1 + v²) ba ya taɓa sauka ƙasa da ɗaya. Amma duba dy/dx = (y/x)². Dabarar tana ba da x·dv/dx = v² − v, amsar gama-gari kuma y = x/(1 − Cx). Gungun v² − v yana zama sifili a v = 1 da v = 0, wato miƙaƙƙun layuka biyu, y = x da y = 0. Na farko yana cikin amsar, idan C = 0. Na biyu babu lambar C da za ta fito da shi, ga shi kuwa idan ka sa y = 0 a ikweshan ɗin asali, hagu sifili, dama sifili. Saboda haka kafin a raba, a nemo duk v da ke mai da gungun sifili, a rubuta layinsa y = vx a gefe, sannan a duba ko amsar gama-gari ta ɗauko shi.